Darasi na Tara: Yadda Ake Bin Sawun Gashin Kai da Hoto

Madubi ba ya riƙe abin da ya gani jiya. Shi ya sa mutum zai duba da safe ya ce gashin gaban kansa ya ja baya, bayan sati guda ya ce a'a, ashe yana nan yadda yake. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 ne a wata, raguwarsa kuwa ta fi haka tafiyar hawainiya, ido ba ya kama ta rana ɗaya. A wannan darasi za mu koyi ɗaukar hoto da waya, da awo, da rubuta abin da muka gani a littafi.

Ƙa'idar guda ɗaya ce: komai ya zauna yadda yake, gashin kaɗai za a bari ya canza. Wuri ɗaya, haske ɗaya, waya ɗaya, nisa ɗaya.

Haske shi ne babban mai ruɗi. Rana tsaka tana dukan kai daga sama, sai fatar ta yi ƙyalli, tsakar kai ta fito kamar an share ta. Fitilar waya ma haka take yi. A ɗaki mai duhu kuwa, kowa sai ya ga sumarsa ta cika. Saboda haka a zaɓi bakin taga ko inuwar baranda da safe, a fuskanci hasken. Zufa da mai suna haɗe gashi su bar fili a tsakani, ga Legas da gumi, don haka a ɗauka bayan an yi wanka kai ya bushe, kafin a shafa mai, kafin kuma hula ko ɗankwali ya kwantar da gashin.

Kada mutum ya ɗauki kansa da kyamarar gaba. Idan waya ta matso fuska, goshi yakan fito da faɗin da bai kai ba. A ba wani ya ɗauka da kyamarar baya, ya tsaya nisan taku biyu, a kashe abin gyaran fuska. Hoto huɗu ake bukata: gaba, gefen dama, gefen hagu, sai na sama, mutum yana zaune a kujera mai ɗauka yana tsaye a bayansa.

Ga maza akwai maganar aski. Kan da aka aske shekaranjiya ba a gwada shi da na sati uku. A zaɓi rana, misali kwana 10 bayan aski, kuma mai aski ya riƙa sa lambar kilifa guda. A gaya masa ya daina shiga ciki idan yana gyaran layin gaba, domin reza ma tana mayar da layi baya.

Sai awo, da tef ɗin tela. A ɗora bakinsa tsakanin gira biyu, a miƙe sama zuwa inda gashi ya fara. Sannan daga ƙarshen girar dama a miƙe sama zuwa kwanar gashi, a yi haka a hagu. Kada a ɗaga gira lokacin awon.

Mu ɗauki misali. A ce wani tela ne a Agege, shekararsa 34, abokan shago suna ta tsokanarsa wai sanƙo ya kawo gaisuwa. Ƙanensa ke ɗaukar masa hoton. A watan Janairu ya rubuta: "Tsakiya santimita 6. Dama 7. Hagu 7. Ana ɗan ganin fata a tsakar kai, faɗin yatsa biyu."

A Afrilu awon bai canza ba, amma hoton sama ya nuna fili mai faɗi. Ƙanen ya ce, "Yaya, dakata tukuna. Wannan a ƙofar shago muka ɗauka bayan azahar, kuma jiya ka yi aski." Suka jira kwana 10 suka cika, suka koma baranda da safe. Fili ya dawo yatsa biyu. Wancan hoton sai aka goge shi, don ba ya cikin lissafi.

A Yuli ya rubuta: "Tsakiya 6. Dama 7 da rabi. Hagu 7. Gashin kwanar dama ya fi na kusa da shi siriri da gajarta." Rabin santimita kaɗai ba hujja ba ce, karkacewar tef ma tana kawo ta. Abin da ya fi nauyi a rubutun nan shi ne sirantar gashin, domin sanƙon gado haka yake farawa: gashi mai kauri yana komawa siriri kafin layin ya matsa, galibi a kwanar goshi da tsakar kai. Idan a Oktoba an sake samun 7 da rabi ko fiye, to canjin na gaske ne, yana tafiya a hankali. Daga nan zaɓi nasa ne, ya bar shi ko ya nemi shawarar likita.

Ku lura da yadda ya yi rubutunsa. Bai ce "gashina ya ƙare" ba. Ya faɗi wuri, ya faɗi faɗi, ya faɗi kamanni. Irin wannan rubutu ne ake iya gwadawa da na watan gaba. Ana iya ɗaukar hoto kowane wata, amma a gwada waɗanda ke da wata uku a tsakaninsu.

Mata kuma ranar tsifa ce ranar hotonsu, bayan an wanke kai ya bushe. A tsaga gashi a tsakiya, a ɗauki tsagar daga sama, a ɗauki gaban goshi da saman kunnuwa. 'Yar'uwa ko 'ya ta ɗauka, a ajiye a waya mai makulli. Tsagar da ke ƙara faɗi alama ce ta raguwa a saman kai. Idan kuwa gefe-gefen ne ke ja baya, a fara duba kitso, domin kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye gaba, kuma idan an sassauta da wuri gashin yakan dawo.

Gashin da ke fita ranar tsifa yana tayar wa mata hankali, amma mu yi lissafi. Mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Kitson da ya yi kwana 28 ya riƙe aƙalla 28 sau 50, wato sili 1,400, duk su fito a mataji lokaci guda.

A gefen kowane awo a rubuta abin da ya faru a watan: haihuwa, zazzaɓi mai zafi kamar taifot, tiyata, ko sabon magani. Gashi yakan zuba da yawa wata biyu zuwa uku bayan irin waɗannan, lokacin mutum ya manta da ciwon, kuma yawanci yakan cike cikin wasu watanni.

Akwai abubuwan da ba a jira musu wata uku: fili zagayayye mai santsi da ya fito farat ɗaya, ƙaiƙayi da ɓawo irin na makero, zafi, ƙuraje masu mugunya, ko fatar da ta yi sulɓi kamar tabo. Waɗannan a nuna wa likita. Manyan asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da LASUTH, suna da likitocin fata. A tafi da waya da littafin awo.

Aikin gida: ku buɗe sabon shafi, ku ja layi biyar: kwanan wata, tsakiya, dama, hagu, abin da ya faru a watan. Ku cike na farko, ku zo da littafin a zama na gaba. Hoton kuwa ya zauna a wayarku, ba sai kun nuna wa aji ba.