Yadda Ake Rubuta wa Kwastam Wasiƙar Neman Sakin Kaya Idan An Saɓa Kan Lambar Haraji

A ce kwantenarka mai ƙafa 40 ta sauka a Apapa da faifan sola 620, kowanne wat 550. Ka shigar da su a lamba 8541.43, jami'in da ya duba kayan ya ce a'a, wurinsu 8501.72, wato janareton hasken rana. Sai aka fitar maka da DN, takardar neman cikon haraji, aka riƙe kwantena. Daga ranar kuɗin ajiya na tasha da kuɗin jinkirin kwantena na kamfanin jirgi suna ta hawa. Wasiƙar da za ka rubuta buƙata biyu take ɗauke da su, kuma dole ka raba su: a saki kaya yanzu a kan jingina, sannan a yanke hukunci kan lambar a tsanake. Wanda ya cakuɗa su, kayansa za su zauna har a gama gardama.

Mataki na 1: Tabbatar da dalilin riƙewar a rubuce

Kada ka tsaya ga abin da ejan ɗinka ya faɗa maka a waya. Ya turo maka hoton DN da rahoton duba kaya, ka ga lambar da kwastam suka zaɓa da adadin da suke nema. Idan ashe matsalar ƙimar kaya ce, ko rashin takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, ko an ƙirga kaya sun fi abin da aka bayyana, to wannan wasiƙar ba ta da amfani a nan. Haka idan an riga an ƙwace kayan bisa zargin bayanin ƙarya.

Mataki na 2: Lissafa bambancin

Jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS yana da matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Duba abin da ke gaban kowace lamba a jadawalin da ke aiki ranar da ka shigar da kaya. Mu ɗauka ƙimar kayan, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, naira miliyan 60 ce, lambarka sifili, tasu 5 cikin ɗari. Bambancin miliyan 3 ke nan, ban da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa a kan harajin. Ajiye wannan adadi kusa da abin da tasha da kamfanin jirgi ke caja kullum. Kuɗin tasha ƙaruwa yake mataki-mataki, don haka mako na uku ya fi na farko zafi. Wani lokaci lissafin zai nuna maka gara ka biya, ka rubuta cewa ka biya ne ba tare da amincewa ba, ka bi sawun kuɗinka daga baya. Sai dai dawo da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati yana ɗaukar lokaci, shi ya sa jinginar banki ta fi.

Mataki na 3: Gina hujja

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Kwastam ba su rarraba kaya da sunan da ake kiransu a kasuwa, ko da amfanin da za su yi wa jama'a. Ƙa'ida ta 1 cikin ƙa'idoji shida na fassara jadawalin HS, wato tsarin lambobin kaya na duniya, ta ce ana bin lafazin kan lamba ne da bayanan sashe da na babi. To lafazin 8541 ya ambaci ƙwayoyin sola ƙarara, ko an haɗa su sun zama faifai ko ba a haɗa ba. Bayani na 2 na Babi na 85 kuma ya ce lambobi 8501 zuwa 8504 ba su shafi kayan da aka siffanta a 8541 ba. Kawo waɗannan biyu a wasiƙar da lafazinsu.

Amma ka san abin da jami'in ya dogara da shi, don ba da ka ya yi magana ba. Littafin sharhin HS ya fitar da faifan da aka sa wa wasu na'urori, ko da diyod ne mai sarrafa inda wuta ke bi, masu ba da wuta kai tsaye ga injin lantarki ko makamancinsa, ya mayar da su 8501. Jami'in ya buɗe ƙaramin baƙin akwatin da ke bayan faifan, ya ga diyod, yawanci guda uku, ya ce shi ke nan.

Amsarka tana cikin aikin diyod ɗin. Na baifas kariya ce kawai: idan inuwa ta rufe wani layin ƙwayoyi, wuta ta kewaye shi don kada ya yi zafi ya ƙone. Diyod mai toshewa kuwa shi ke hana wuta komowa daga batir zuwa faifai. Hukumar kwastam ta Indiya ta bi wannan rabon a 2018: mai baifas kaɗai 8541, mai toshewa 8501. Hukuncin wata ƙasa bai ɗaure Najeriya ba, amma lambobi shida na farko iri ɗaya ne a duk ƙasashen da ke bin tsarin, don haka ya cancanci layi ɗaya. Nemi kamfanin da ya ƙera ya ba ka wasiƙa da zanen wayoyin akwatin. Idan zanen ya nuna akwai diyod mai toshewa, ko an haɗa faifan da na'urar caji ko inbata, ka haƙura ka biya.

Mataki na 4: Rubuta wasiƙar

Da Turanci ake rubutawa, a kan takardar kamfani mai ɗauke da sunan da ke kan Fom M, wato takardar rajistar shigo da kaya, zuwa ga kwanturolan yankin da kayan suke. Shafi ɗaya da rabi ya isa. A kanun wasiƙa sa lambar SGD, wato takardar bayyana kaya, lambar PAAR, wato rahoton tantance kaya kafin su iso, lambar Fom M, lambar takardar lodin jirgi da lambar kwantena. Da su za a nemo fayil.

Sakin layi na farko ya faɗi kayan, yawansu, ranar duba su, lambar da ka bayyana, lambar da aka mayar da su, da adadin DN. Na biyu ya siffanta kayan yadda injiniya zai siffanta su. Na uku hujjar doka. Na huɗu buƙatarka, a fili: a saki kwantena bisa takardar lamunin banki ta daidai adadin da ake jayayya a kai, a ɗauki faifai ɗaya samfuri, a tura batun Sashen Haraji da Ciniki na hedikwata a Abuja, kuma ka yi alkawarin biya idan hukunci bai zo maka daidai ba. Kana iya jingina wannan da sashe na 7.3 na yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017. Ya tanadi sakin kaya kafin a kammala tantance haraji idan an ajiye jingina.

Kada ka zargi jami'in da ya duba kaya, don wasiƙar kan tebur ɗinsa za ta koma a nemi bayaninsa. Kuma idan PAAR ɗinka ta fito da 8541.43, ka ambata, amma kada ka ɗora komai a kanta: a kan takardu aka fitar da ita kafin a ga kaya, duba na ido yana iya sauya ta.

Mataki na 5: Haɗa takardu ka miƙa

Liƙa kwafin DN, SGD, PAAR, Fom M, rasiɗin sayen kaya, jerin kaya, takardar bayanin faifan, zanen akwatin da hotunansa, kowanne da lamba, ka riƙa nuni da lambar a cikin wasiƙa. Siffar kaya ta zama ɗaya a duk takardun. Idan rasiɗi ya kira su janareto ko cikakken tsarin sola, da hannunka ka ba su hujja, sai ka samo wasiƙar gyara daga mai sayarwa.

Kai kwafi biyu ofishin kwanturola, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Banki ya fara shirya lamunin tun ranar, da wa'adin da ba zai ƙare kafin hukunci ba. Bayan an yanke, ka karɓo takardar sakin lamuni ka kai banki, in ba haka ba kuɗinka zai ci gaba da zama a ɗaure. Kwantena ta gaba kuwa, ka nemi hukuncin lamba tun kafin lodi, ta tsarin da Hukumar Kwastam ta ƙaddamar a 2024.