In amsar ba ta cikin handawut, ku faɗa tun a layin farko

Masu amsa tambayoyin ɗalibai daga handawut ɗin da malami ya ɗora: in kun duba ba ku ga amsa ba, ku ce babu, kafin komai.

Misali, an tambayi yadda ake lissafin standad dibiyeshan, handawut kuwa ya tsaya a matsakaici. Ku rubuta: "Wannan ba ya cikin handawut, shafi na 6 ya ƙare ne a matsakaici. Abin da ke ƙasa daga littafin darasi na ɗauko, a tabbatar wajen malam."

Dalili? Wani littafin yana rabawa da n, wato yawan lambobin, wani da n − 1. A lambobi 2, 4, 6, na farko zai ba da 1.63, na biyu 2. In ɗalibi ya zaci hanyar malam ce, haka zai haddace ta ya shiga jarrabawa.

Amma kada ku yi saurin cewa babu. Ctrl+F ba ya ganin rubutu a PDF ɗin da aka ɗauka hoto, kuma malam kan sa alamar σ kawai ba suna. Ku bi shafukan da ido tukuna.