Babi na Shida: Gyara Sunayen Ƙungiyoyi da na 'Yan Wasa Kafin a Fara Lissafi

Wanda ya tattaro bayanan wasannin ƙwallon ƙafa daga wurare biyu ko uku zai tarar kowane wuri yana rubuta sunaye yadda ya ga dama. Mutum yana gani ya san cewa `Man United` da `Manchester Utd` ƙungiya ɗaya ce, amma kwamfuta haruffa kawai take kwatantawa, saboda haka a wurinta ƙungiyoyi biyu ne, kuma za ta raba musu maki.

Bari mu ɗauki gasar Firimiya ta Ingila ta kakar 2017/18. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace ta buga wasa 38, jimillar wasanni 380. Ku riƙe waɗannan alƙaluma uku, domin da su za ku auna aikinku. A ce kun samo fayil biyu, kowane ɗauke da dukkan wasannin, kun haɗa su a shafi ɗaya na Excel, layuka sun zama 760. Kafin ku taɓa komai, ku ajiye kwafin fayilolin na asali a gefe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a garzaya a danna `Remove Duplicates` tun daga farko. Wannan umarni yana goge layukan da suka yi daidai ne kawai, don haka duk wasan da aka rubuta sunan ƙungiyarsa iri biyu zai tsira, ya zauna sau biyu. Sai an daidaita sunaye tukuna ake goge maimaici.

Aikin farko shi ne share gurbin da ido ba ya gani a gaba ko bayan suna. `TRIM` yana yin wannan, sai dai ba ya kama wani irin gurbi da yakan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, shi ya sa ake haɗa shi da `SUBSTITUTE`. Idan sunan yana A2, ku rubuta wannan a B2:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
```

Daga nan ku buɗe sabon shafi mai suna `Sunaye`, ku yi masa ginshiƙi biyu. A na farko ku jera kowane irin rubutu da kuka tarar, a na biyu ku sa sunan da kuka zaɓa ya tsaya. `Spurs` da `Tottenham` duk su nuna `Tottenham Hotspur`, shi kansa sunan da aka zaɓa ma a ba shi layinsa. Da hannu ake wannan aiki, kuma ya cancanci haƙuri, domin `Man United` da `Man City` sun yi kama a rubuce alhali ƙungiyoyi ne daban. Sannan ku ɗauko sunan da aka gyara, na mai masaukin baƙi da na baƙo, kowane a ginshiƙinsa:

```
=VLOOKUP(B2,Sunaye!A:B,2,FALSE)
```

Kalmar `FALSE` ita ce ke hana kwamfuta kawo suna mai kama da wanda ake nema. Idan kuka ga `#N/A`, akwai rubutun da ba ku shigar a jerin ba, sai ku ƙara shi.

Yanzu ne za a goge maimaici da `Remove Duplicates`, a zaɓi ginshiƙi biyu na sunayen da aka gyara kaɗai. A wannan gasa kowace ƙungiya tana karɓar baƙuncin kowace sau ɗaya tak a kaka, saboda haka sunayen biyu sun isa su bambance wasa, ba sai an dogara da kwanan wata ba, wanda shi ma rubutunsa yakan bambanta. Amma ku fara duba ko fayilolin sun yi saɓani a sakamakon wani wasa, domin kwamfuta layin farko take bari ba tare da ta tambaya ba. Bayan gogewa ku ƙirga: idan ƙungiyoyi suka fito 21, ko wata ta buga wasa 39, akwai sauran gyara.

Sunayen 'yan wasa sun fi wahala, domin matsalar fuska biyu gare ta. Mohamed Salah ya ci ƙwallo 32 a gasar a wannan kaka. Idan wasu layuka suka ce `M. Salah`, wasu kuma `Mohamed Salah`, ƙwallayensa za su rabu gida biyu, har wani ya hau samansa a jerin masu zura ƙwallo. Ɗaya fuskar kuma ita ce mutum biyu masu suna ɗaya. Akwai Ben Davies na Tottenham, haifaffen 1993, akwai kuma Ben Davies da Liverpool ta ɗauko daga Preston a 2021, haifaffen 1995. Wanda ya haɗa bayanan shekaru da yawa ya dogara da suna kaɗai zai mayar da su mutum ɗaya. Maganin shi ne a ba kowane ɗan wasa lamba tasa a jerin sunaye, bayan an tabbatar da shi ta ranar haihuwa. Sunan ƙungiya yana taimakawa, sai dai ɗan wasa yakan sauya ƙungiya a tsakiyar kaka, ranar haihuwa kuwa ba ta sauyawa.

Aikin yi: ku haɗa fayil biyu na kaka ɗaya, ku gina shafin `Sunaye`, sannan ku rubuta adadin ƙungiyoyi da na wasanni da kuka samu kafin gyara da kuma bayansa.