Yadda ake duba hoto bayan an canza fuska kafin a miƙa wa mai shi

Masu ɗaukar hoton biki sun san wannan matsalar, an jera dangi an ɗauka, kowa ya fito tsaf sai uwar amarya ce kawai ta rufe ido, to dole ka ciro fuskarta daga wani hoton da ka ɗauka a jere ka ɗora a wannan. Aikin bai da wahala sosai a Photoshop, inda ake faɗuwa shi ne wajen dubawa, don idonka ya daɗe a kan hoton ya riga ya saba da shi, ko da aibi ba zai gani ba. Sai an wanko shi babba an sa a firem an kai gida Tudun Wada ko Unguwar Rimi sannan wata ƙanwa ta ce wai fuskar Hajiya kamar liƙa ta aka yi.

Fara da zumin. Danna Ctrl+1 hoton ya tsaya a 100%, kar ka yarda da abin da ka gani yana ɗan ƙarami. Sai ka bi iyakar inda ka haɗa a hankali, daga goshi inda ɗankwali ya sauka, gefen kunne, har ƙasan haɓa. Abin da kake nema shi ne wani siririn layi mai haske ko duhu da ya kewaye fuskar, ko ɗan kunne ya zama biyu, ko zanen atamfar ɗankwalin ya karye bai haɗu da ɗan'uwansa ba. In namiji ne duba ɗinkin hula, nan ne yake tona asiri. Ka kuma kwatanta tsakin-tsakin hoton, in an ɗauka da dare a wurin dina za ka ga wuya da kaya suna da ɗan tsaki, in fuskar da ka ɗora ta yi sumul fiye da su sai ka ƙara mata kaɗan da Add Noise. Kana iya kaiwa 200% a wurin da kake shakka amma kar ka wuce haka ka ɓata lokaci kan abin da ba wanda zai gani.

Daga nan sai juyawa, kuma wallahi ni a ganina wannan ya fi sauran amfani. Koma Ctrl+0 ka ga hoton duka, sai ka shiga View ka zaɓi Flip Horizontal, dama ta koma hagu. Wannan kallon kawai yake juyawa bai taɓa ainihin hoton, in kuwa tsohon Photoshop ne da kai sai ka bi ta Image Rotation, amma fa shi da gaske yake juyawa, ka tuna ka mayar kafin ka ajiye, in ba haka ba sunan ango da amarya da ke jikin bango zai fito a birkice. Da zarar ka juya idonka zai ga hoton kamar sabo. Nan take za ka lura kan Hajiya ya ɗan karkata ba daidai da kafaɗa ba, ko ya fi na wadda ke gefenta girma, ko haɓar ba ta zauna a tsakiyar wuya ba. In ka ga haka rage opacity na fuskar zuwa rabi, ka daidaita idanu da baki a kan na tsohuwar fuskar da ke ƙasa, sannan ka mayar.

Na ƙarshe baƙi da fari. Ɗora leyar Black & White a saman komai. Launin ashobi da kwalliya suna ɗauke hankali, in ka cire su saura haske da inuwa kawai. Duba ko fuskar ta fi wuya da hannu haske, duba kuma ta ina haske ya zo, in mutanen gefe inuwar hancinsu ta faɗa hagu ita ma tata dole ta faɗa hagu, sannan ƙasan haɓa ya kamata a samu inuwa a kan wuya, in babu shi ya sa kan yake kamar yana yawo a iska. Gyara da Curves amma ka ɗaure shi da leyar fuskar da Ctrl+Alt+G don kar ya shafi kowa.

Sai dai a kula, mata da yawa hodar da aka shafa musu ta sa fuskar dama ta fi wuya haske, don haka ka buɗe asalin hoton ka gani kafin ka dusashe wa baiwar Allah fuska. Kuma baƙi da fari ba zai nuna maka in fuskar ta yi ja ko ruwan ɗorawa fiye da jiki ba, wannan sai ka kashe leyar Black & White ka duba da launi, ka kwatanta kumatu da bayan hannu.