Yadda za ka karɓi rasit ɗin kuɗin haya ba tare da kun ɓata da mai gida ba

Yawancin sababbin 'yan haya da na gani sun shiga rigima kan kuɗin haya sun biya kuɗinsu tsaf. Abin da ya kayar da su shi ne sun miƙa kuɗi tukuna, sannan suka fara maganar rasit. Da zarar kuɗi ya bar hannunka, kai ne mai roƙo, sai ka yi ta jin "zan rubuto maka gobe" har shekara ta zagayo.

Don haka ka fara maganar kwana biyu ko uku kafin ranar biya. Ba sai ka yi dogon bayani ba: "Ranka ya daɗe, jibi zan kawo kuɗin haya, don Allah a tanadar mini rasit, ina haɗa takarduna wuri ɗaya ne." Kada ka kawo zancen yarda ko rashin yarda, nan ne ake jin haushi. In ya ce ba shi da littafin rasit, ka rubuto da kanka a farar takarda, kwafi biyu, shi dai ya sa hannu. Ni ma na fi son haka, domin abin da nake so shi zan rubuta.

Ga abin da dole ya fito a takardar: sunanka, sunan mai gida, adireshin gidan da lambar ɗaki ko sashen da kake, ranar biya, adadin kuɗin da lambobi da kuma kalmomi, da hanyar da aka biya. Waɗannan kowa na tunawa da su. Wanda ake mantawa, kuma shi ya taɓa ƙona ni, shi ne tsawon lokacin da kuɗin ya ɗauka.

Na taɓa kama gida a watan Maris, na biya kuɗin wata takwas, muka yi da mai gidan zan ciko na wata huɗu daga baya. Wakilinsa ya ba ni rasit mai hatimi, an rubuta adadin kuɗi da kalmomi biyu kacal, "kuɗin haya". Da na kawo cikon, aka sake ba ni irinsa. Watan Disamba na kamawa sai ga saƙo wai hayata ta ƙare. Wakilin ya canza, sabon kuma ya lissafa daga Janairu, lokacin da wanda ya riga ni ya tashi. Na fito da rasit biyu, babu wanda ya nuna ranar da hayar ta fara, babu wanda ya ce na biyun ciko ne. Da ƙyar aka raba gardamar, shi ma don na sami tsohon saƙon waya da muka yi maganar ranar karɓar makulli.

Tun daga nan ba na karɓar rasit sai an rubuta kamar haka: "Kuɗin haya daga 1 ga Maris 2024 zuwa 31 ga Oktoba 2024. Saura na wata huɗu, zuwa 28 ga Fabrairu 2025." Ranar da ka ciko kuma a rubuta "ciko, babu sauran bashi". In akwai kuɗin ajiya na gyaran ɓarna ko ladan dillali, kowanne a layinsa, kada a dunƙule su da haya.

In tsabar kuɗi ne, a ƙirga a gabanka, a sa hannu, sannan ka tashi. In wakili ne ya karɓa, ya rubuta cikakken sunansa da cewa ya karɓa ne a madadin wane, kai kuma ka tura wa mai gidan hoton rasit ɗin a ranar.

Masu turawa ta banki su ne suka fi sakaci, wai ai ga alat. Alat yana nuna kuɗi ya fita daga wannan asusu zuwa wancan, bai ce na haya ba ne, balle na wane wata. Cike gurbin dalilin turawa, wanda wasu manhajojin banki ke kira `Narration`, da adireshi da watannin a taƙaice. In an ba ka asusun ɗansa ko na matarsa, sai mai gidan ya turo maka lambar a rubuce da kansa. Bayan kuɗi ya shiga, rasit ɗin dai za ka karɓa, a sa lambar shaidar turawar a jikinsa.

Ka ɗauki hoton komai nan take, musamman 'yar takardar injin banki, domin rubutunta gogewa yake yi da daɗewa. In mai gida ya ƙi sa hannu ƙememe, daina ba shi kuɗi a hannu. Tura ta banki, ka bi shi da saƙo mai ɗauke da adadi da watanni, ka adana amsarsa ko da "na gani" ce kawai.