Yadda Na Cire Fushi Daga Amsar Ƙorafin Wani Kwastoma

Wani kwastoma ya rubuto mana cewa batirin solar da ya saya ya mutu bayan wata biyar, ya kira mu 'yan damfara, ya kuma nemi kuɗinsa. Ma'aikacinmu ya duba, ya tarar an cire hatimin batirin, alhali rasit ɗinmu ya ce garanti yana faɗuwa idan aka buɗe kaya. Daftarin da abokin aikina ya shirya ya fara da cewa, "Kai da kanka ka lalata shi."

Na fara goge duk jimlar da ta ɗora laifi a kan mutumin, na mayar da ita kan kayan: "Ma'aikacinmu ya tarar an cire hatimin." Ban tanka kalmar damfara ba, domin musanta ta zai buɗe wata gardamar. Na ce masa, "Alhaji, mun fahimci takaicin kwana ba wuta bayan kashe kuɗi mai yawa," amma na guje wa "ku yafe mana kuskurenmu," tunda wannan amincewa ce da laifin da ba mu yi ba.

Na faɗi matsayinmu sau ɗaya tak, cewa ba za a mayar da kuɗi ba, sannan na biyo da abin da za mu iya, wato gyara a kan kuɗin kayan gyara kawai.