Yadda Ake Gano Dalilin Ɓarewar Fentin Waje da Shirya Bango Kafin a Sake Shafawa

Idan fentin bangon waje ya fara ɓarewa tun bai cika shekara ba, ko ya yi bororo, ko wani farin gari mai kama da kanwa ya feso ta cikinsa, mai gida yakan ɗora laifin a kan bokitin fentin, ya ce an sayar masa da jabu. Akwai jabun fenti a kasuwa, babu musu, amma a mafi yawan gidajen da wannan matsala ke addaba, ruwa ne ya maƙale a bayan fentin yana neman hanyar fita. Fenti fata ce siririya da ke manne a fuskar filasta, kuma duk tsadarsa ba zai iya danne laimar da ke turowa daga ciki ba. Saboda haka aikin gyara yana farawa ne da gano inda ruwan ke shigowa, tun kafin a yi maganar launi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Gida ne na bulo da siminti a Kano, bangonsa na gabas tsawon mita 12, tsayi mita 3. An yi masa filasta a watan Agusta, aka shafa fenti bayan kwana goma domin a samu a tare da wuri. Zuwa watan Disamba sai gindin bangon, daga ƙasa zuwa kusan ƙugun mutum, ya yi fari fat, fentin yana zubowa kamar dusa, sama kuma a ƙarƙashin indararo aka ga bororo jere a layi ɗaya. Wannan bango yana fama da cuta biyu ne daban-daban, kuma wurin da kowace ta ɓulla shi ne ke tona asirinta.

Farin garin nan wani nau'in gishiri ne. Siminti da yashi da ruwan da aka kwaɓa su, har da ƙasar da tushen gini ke zaune a kai, duk suna ɗauke da gishirin da ke narkewa a ruwa. Idan ruwa ya ratsa bango sai ya narkar da shi ya tafi da shi zuwa fuskar waje, a can ruwan ya bi iska, gishirin ya tsaya ya daskare. Idan ya daskare a saman fenti, ƙazanta ce kawai da za a iya gogewa. Idan kuwa ya daskare tsakanin fenti da filasta, ƙwayoyinsa suna girma suna tura fentin har ya saki. Wannan ne ma dalilin da ya sa farin ya fi bayyana da hunturu: bangon ya sha ruwa ne da damina, busasshiyar iska kuma ta zo tana zuƙo shi waje. Idan farin ya tsaya a gindin bango bai cika wuce mita ɗaya ba, kuma iyakarsa ta sama tana tafiya a karkace kamar shatar ambaliya, to laimar daga ƙasa take hawowa, sau da yawa saboda ba a shimfiɗa leda mai kauri a kan tushe ba lokacin gini, ko an cika ƙasa a jikin bangon har ta haye inda ledar take, ko kwatar wanke-wanke na bin gindinsa kullum.

Bororo kuwa sai a fasa ɗaya da bakin wuƙa a duba. In akwai ruwa a ciki, ko aka tarar da filasta tsirara mai danshi a ƙarƙashinsa, ruwa ne daga baya. In a bushe yake kuma ana ganin shafin farko na fenti yana nan manne, to zafi ne ya jawo shi: an shafa fenti a bango mai zafi da tsakar rana, samansa ya bushe ya rufe kafin na ciki ya gama fitar da ruwansa. A gidan da muke magana, bororon da ke ƙarƙashin indararo cike yake da ruwa, da aka hau sama kuma aka tarar bakin indararon ya tsage, ruwan rufi na gangarowa ta cikin bulo. Kasancewarsa bangon gabas ya ƙara masa wahala, domin hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, kuma tun zamanin ginin ƙasa magina sun san wannan ɓangaren ne ruwa ya fi duka.

Akwai kuma laifin gaggawa. Sabuwar filasta tana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfi, a ma'aunin pH takan kai 12 zuwa 13, alhali yawancin fenti yana son ta sauko ƙasa da 10. Wannan kaifi yana cin launi ya bar dabbare-dabbare, kuma idan fenti mai mai aka shafa kai tsaye, yakan mai da man da ke cikinsa wani abu mai yauƙi irin sabulu, fentin ya yi laushi ya saki. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar sabuwar filasta kwana 28 aƙalla, ana yayyafa mata ruwa a makon farko domin ta yi ƙwari. Filastar da aka yi a tsakiyar damina tana bukatar fiye da haka.

Da an gano wannan, matakin farko shi ne toshe hanyar ruwa, kuma a nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin gyaran ya tafi. A gyara indararon, a ƙara masa tsawo yadda ruwa zai zuba nesa da bango. A kawar da kwatar. A kwashe ƙasar da aka tara a gindin gini, a zuba daɓen siminti mai faɗin kusan rabin mita zuwa mita ɗaya a gewayen bangon, mai gangara zuwa waje. Saman katanga da saman bangon da ya wuce rufi su ma a duba su, domin idan aka bar su a shafe babu hular siminti mai gangara, ruwa yakan kwanta a kai ya nutse cikin ramukan bulo. Sai dai a faɗi gaskiya: idan tun asali babu leda a kan tushe kuma ƙasar wurin mai riƙe ruwa ce, waɗannan gyare-gyare suna rage laimar ne, ba lallai su kashe ta ba. Wasu kan manna tayil a gindin bangon don su huta, amma tayil yana rufe hanyar da laimar ke fita ne kawai, sai ta hau sama ta ɓulla a bakinsa, ko ta juya zuwa cikin ɗaki.

Daga nan sai kankara. A cire duk fentin da ya saki da ƙarfen kankara, a ci gaba har a iso inda ya kama sosai. Don tabbatarwa, a tsaga fentin da reza a gicciye, a manna salatif mai ƙarfi a kai a fizge. In ya taho da fenti, wurin ma bai kama ba. Gishirin kuwa a busasshe ake goge shi da buroshi mai tauri, a share garin a kwashe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da kwara masa ruwa, sai ya narke ya ɓace a ido, ya koma cikin filasta, bayan kwana kaɗan ya sake fitowa. A goge, a jira mako guda ko biyu, a sake dubawa. Muddin yana dawowa, bangon bai daina fitar da ruwa ba. Inda aka ga gansakuka ko baƙin tabo, a wanke da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, a ɗauraye sosai. Mai goge tsohon fenti mai mai da samfefa ya rufe hanci da baki, domin wasu tsofaffin fenti na ɗauke da dalma mai guba.

A bi bangon ana ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, sai a fasa ta a sake da kwaɓin siminti ɗaya, yashi huɗu. A yi amfani da yashi mai tsabta marar laka, da ruwan da ba shi da zartsi, domin ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa gishiri yake ƙara wa bangon. Tsaga kuma a ɗan buɗe bakinta kafin a cike, in ba haka ba abin cikon a sama kawai zai tsaya. Kowane faci sabuwar filasta ce, shi ma sai ya cika kwanakinsa. Masu son bango mai santsi su kula da abin da ake sikiridin da shi, wato siririn shafen da ake yi a kan filasta kafin fenti: garin fi-o-fi na cikin ɗaki ne, yana shan ruwa ya yi laushi, kuma idan aka sa shi a waje, damina ɗaya ta isa ta ɓamɓare shi tare da fentin da ke kansa. A waje sai wanda aka haɗa da siminti.

Ido ba ya iya tabbatar da bushewar bango, don haka sai a gwada. A yanko leda fara mai ganin ciki, kimanin santimita 45 kowane gefe, a manna ta a gindin bango da salatif ta kowace kusurwa yadda iska ba za ta shiga ba, a wurin da rana ba ta dukansa kai tsaye. Bayan kwana ɗaya a ɗaga. In akwai raɓa a cikinta ko filastar ta yi duhu, a ƙara jira. Sannan a shafa tafin hannu a bangon; in ya fito da gari, a sake gogewa, domin fenti ba ya kama ƙura, kuma ƙurar hunturu takan sake kwanciya a bango cikin dare guda.

Shafin farko shi ne na share fage, wanda masu fenti ke kira firaima, kuma a nemi irin wanda aka yi don jure kaifin siminti. Fentin da aka tsinka da ruwa mai yawa ba ya maye gurbinsa. A kansa sai shafi biyu na fentin waje mai ruwa, wanda yake barin tururin laima ya fita, saɓanin fenti mai mai da ke toshe bango ruf. Bangon misalinmu murabba'in mita 36 ne. Idan aka ƙaddara lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 8, firaima zai ci kusan lita 5, shafi biyu na fenti kuma lita 9, filasta mai kaushi takan sha fiye da haka. Kada a zuba ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin bokiti don fentin ya yi auki, domin ƙaron da ke riƙe shi ne ake tsinkawa.

Game da lokaci, bangon da ya jiƙe da damina gara a bar shi ya sha iskar hunturu, a yi aikin daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, a ranar da ƙura ta lafa, kafin zafin Maris da Afrilu ya kai inda bango ke ƙona hannu. Mai fenti ya riƙa bin inuwa: bangon yamma da safe, bangon gabas bayan la'asar, idan aka ɗora tafin hannu aka ji ya huce. Tsakanin shafi da shafi a bar sa'o'in da aka rubuta a bokitin, galibi huɗu ko fiye, kuma kafin shafi na biyu a sake bin bangon da busasshen tsumma a kakkaɓe ƙurar da ta sauka.